Tsamin zoɓo ba aibi ba ne

Duk mai haɗa zoɓo, ko na sha a gida ko na sayarwa a ƙofar makaranta, ta san ƙorafe-ƙorafen nan guda uku. Wani ya ce ya yi tsami har yana kashe haƙori, wata ta ce ya yi baƙi ƙirin babu kyan gani, sai kuma wanda ya fi ciwo, a buɗe gora bayan kwana biyu a ji ya juya. Mutane na ɗauka matsaloli uku ne daban-daban, kowacce da maganinta. A gaskiya tushensu ɗaya ne, wato yadda aka bi da tsamin. Tsamin nan da ake ta neman kashewa shi ke riƙe da jan launin, shi ne kuma ke hana zoɓon saurin lalacewa.

Abin da muke saya a kasuwa ba furen ba ne, ko da yake haka ake yawan kiransa. Ƙoƙon da ke rungume da kwanson 'ya'yan yakuwa ne, wanda ke yin kauri bayan fure ya faɗi. Da kaka manoma su cire shi, su ware gurguzun da ake yin daddawar batso da shi, su shanya sauran. Jigawa na cikin manyan wuraren da ake noma shi, kuma daga kasuwanni irin su Maigatari da Dawanau ake loda shi har zuwa Meziko. A faifan mai sayarwa za ki ga iri biyu na ja. Akwai mai duhu wanda ya kusa zama baƙi, shi ne mai ba da launi sosai, tsaminsa kuma da sauƙi. Akwai ja mai haske, wanda ruwansa bai cika kauri ba amma tsaminsa ya fi kaifi. Farin zoɓo kuwa na miya ne da kwaɗo. Daidaita tsami da launi tun a kasuwa yake farawa: ki sayi kashi biyu na mai duhu, kashi ɗaya na mai haske. Ki damƙe shi a hannu ki ji yana ƙaras-ƙaras. Wanda ya yi laushi, ko yake warin rima, ko ya koɗe ya koma ruwan ƙasa, ki bar wa mai shi kayansa.

Mu ɗauki haɗin lita 4, wato ledar fiya-wata takwas. Busasshen zoɓo giram 100 ya isa, kusan cikin gwangwanin madara huɗu ke nan. A tsince shi, sannan a ɗauraye da ruwan sanyi sau biyu, da sauri. Ana shanya zoɓo a fili, yashi da ƙura ba sa rasa shiga, don haka wankin dole ne. Amma duk jan ruwan da kika zubar launi ne kika yi asara, saboda haka kada a bar shi ya jiƙu, kada kuma a wanke da ruwan ɗumi.

Nan ne mafi yawan mutane ke kuskurewa. Sai a haɗa zoɓo da citta da kanumfari da ɓawon abarba a tukunya ɗaya, a hura wuta a bar su suna tafasa kusan awa guda, wai don ya fito sosai. Kayan ƙamshin su ke buƙatar doguwar dahuwa, zoɓon ba ya so. Sinadarin da ke ba shi ja ba ya jure zafi na dogon lokaci, yakan rushe, ruwan ya dusashe ya karkata zuwa ruwan ƙasa, ƙamshin kuma ya bi tururi. Abin da ya fi shi ne a zuba ruwa lita 2 a tukunya, a sa dakakkiyar ɗanyar citta kamar tsawon babban yatsa biyu, kanumfari ƙwaya goma, da wankakken ɓawon abarba ɗaya, a tafasa su minti 15. Sai a zuba zoɓon, a bari ya tafaso sau ɗaya, a sauke, a rufe, a ƙyale shi minti 30. A tace da rariya mai laushi ko farin ƙyalle mai tsabta. Tukar da ta rage har yanzu da sauran amfani a jikinta: a zuba mata tafasasshen ruwa lita 1, a ba ta minti 15, a sake tacewa a haɗa da na farko. Kanumfari dai a yi hattara da shi, idan ya yi yawa ɗaci yake kawowa, ya kuma danne komai.

Tukunyar ma da ruwanta a ciki. Ruwan zoɓo na cin dalma da baƙin ƙarfe, sai ka ji ɗanɗanon ƙarfe a harshe, launin kuma ya yi duhu. Idan akwai tukunyar ƙarfen da ba ya tsatsa, ko mai rufin tangaran da bai ɓantare ba, ita ce ta dace. Idan ta dalma kaɗai ke akwai, a tafasa kayan ƙamshin a ciki, a juye ruwan kan zoɓon a wani mazubin, kada ya kwana a tukunyar.

Yanzu sai maganar kanwa, wadda nake ganin ita ce babbar hanyar ɓata zoɓo. Gidaje da yawa na jefa ɗan gutsuren kanwa don a kashe tsami a rage cin sukari, kuma lallai tana kashewa. Amma kowa na iya gwada abin da take yi da idonsa. Ɗebi zoɓo a ƙaramin kofin gilashi, ɗiga masa ruwan kanwa kaɗan-kaɗan. Ja zai koma shunayya, daga nan ya yi shuɗi-shuɗi mai duhu, in aka ci gaba ya zama baƙi-baƙi. Matsa masa lemon tsami, sai ka ga jan yana dawowa. Dalili kuwa, sinadarin launin yana yin ja ne kawai muddin ruwan na da tsami. Asara ta biyu ido ba ya ganinta. Yawancin ƙwayoyin cutar da ke gurɓata abinci ba sa iya hayayyafa a ruwa mai tsami irin na zoɓo, to idan kanwa ta rage tsamin an buɗe musu ƙofa. Shi ya sa zoɓon kanwa ke riga ɗan'uwansa lalacewa, ga wani santsi kamar na sabulu da yake bari a baki idan hannu ya zarce.

Idan tsami ya yi yawa, maganin farko ruwa ne. Ruwan da aka tace zai kai kusan lita 2 da rabi, tunda zoɓon ya sha wani, wani kuma ya ƙone. A cika shi zuwa lita 4 da ruwan da aka tafasa ya huce, ana ƙarawa ana ɗanɗanawa. Sai an gamsu da ƙarfin tsamin sannan a waiwayi zaƙi. Wanda ya fara da sukari zai yi ta zubawa yana bin tsami, ya ƙare da abu mai nauyi da ba ya kashe ƙishi. Ga lita 4, sukari giram 300 zuwa 350 ya wadatar, kusan gwangwani biyu da rabi, kuma hakan bai kai zaƙin lemon kwalba ba, wanda yawanci ke ɗauke da fiye da giram 100 a kowace lita. A narkar da sukarin a ɗan ruwa a tafasa shi minti biyu kafin a haɗa, zai gauraye sosai ba zai kwanta a ƙasa ba. Gishiri ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka yana lafar da kaifin tsami ba tare da ya taɓa launi ba. Hukuncin ƙarshe kuma sai ya yi sanyi, domin sanyi na rage jin zaƙi a harshe, abin da ya yi daidai da ɗumi yakan zama kamar bai ji sukari ba bayan ya fito daga firiji.

Mazarƙwaila da dabino suna da daɗi a zoɓo, amma a san abin da za su kawo. Mazarƙwaila na dusashe jan, dabinon da aka markaɗa kuma na gurɓata ruwan ya hana shi yin garau. Zuma ba ta ɓata launi, sai dai ƙamshinta na iya rinjaye. Mai son zoɓon da haske ke ratsawa a kofi, farin sukari ne abokinsa.

To kwana nawa yake yi? A waje, cikin zafin Kano ko Damagaram, zoɓon da aka sa wa sukari na yini ɗaya ne, wanda aka haɗa da safe a shanye shi kafin a kwanta. A firijin da ke riƙe sanyi na digiri 4 ko ƙasa da haka ba yankewa, a gora mai tsabta da murfi, yana yin kwana uku zuwa biyar. Idan an markaɗa ɗanyar abarba, ko kokwamba, ko kankana an zuba, kada ya wuce kwana biyu, domin ɗanyen abu bai ga wuta ba, yana shigowa da ƙwayoyin yis, ga kuma sukarin da za su ci. Tsami na hana ƙwayoyin cuta da yawa, amma yis da fumfuna suna jure shi. Tataccen ruwan da ba a sirka ba, ba sukari ba kanwa, shi ne mai daɗewa: yana kai mako guda a firiji, a firiza kuma wata biyu ko uku. Kada a cika gorar da za a daskarar har baki, ruwa na kumbura idan ya zama ƙanƙara.

Wannan lissafi duka na firijin da wuta ba ta yanke masa ne, kuma mun san halin da muke ciki. Idan aka ɗauke wuta har gorar ta huce, ta yi sa'o'i a haka, lissafin ya rushe, a sha a ranar ko a haƙura. Dawowar wuta ba ta mayar da abin da ya riga ya fara. Alamomin ba su ɓuya: gorar roba ta yi tauri ko ta kumbura, a murɗa murfi a ji fiss, kumfa na tasowa, wari ya koma irin na abin da ya tsimu, ko a ga yauƙi, ko fari-fari na yawo a sama. Kumburin da kumfar na nufin yis ya fara mayar da sukari barasa, don haka ko don addini ma bai kamata a sha ba. Sake tafasawa ko ƙara sukari ba gyara ba ne, a zubar.

Sau da yawa kuma laifin ba na zoɓon ba ne, na abin da ya taɓa shi ne bayan ya sauka daga wuta: ruwan sirki da ba a tafasa ba, ƙanƙarar da ba a san ruwanta ba, ludayin da aka ɗanɗana da shi aka mayar, da tsofaffin gorunan da aka ɗauraye sama-sama. Masu sayarwa musamman, ku wanke gora da sabulu har cikin murfi, ku ɗauraye, ku kife ta bushe sarai kafin a ɗura.

Ga gidan da ke shan zoɓo kullum, kamar a watan azumi, hanya mafi sauƙi ita ce a dafa tataccen ruwan sau ɗaya a mako, a ajiye shi da tsaminsa, ruwan sukarin kuma a wata gora daban. Kowace rana a ɗebi na ranar kaɗai, a sirka, a sa zaƙi da abarba daf da lokacin sha. Masu shan maganin hawan jini su tuna cewa zoɓo kansa na ɗan sauke jini, su da masu juna biyu su tambayi likita kafin su mayar da shi abin shan yau da kullum.