Kasafin kuɗi a cikin akwatuna: inda zanen Treemap ke aiki da inda yake gazawa

A 1990 wani malamin kwamfuta a Jami'ar Maryland ta Amurka, Ben Shneiderman, ya rasa gane abin da ke cika ma'ajiyar kwamfutar da mutum 14 suke amfani da ita tare. Sai ya yi dabara: ya ɗauki fuskar allo a matsayin ma'ajiyar baki ɗaya, ya yayyanka ta akwati-akwati, kowane fayil da girman akwatinsa daidai da wurin da ya ci. Zanen da aka sani da Treemap ke nan, wanda tun daga fitowar manhajar Excel 2016 ake samunsa da wannan suna a cikinta.

Aikinsa kamar rabon gona ne tsakanin magada. Filin duka shi ne jimlar kuɗin, kowa kuma a yankar masa gwargwadon kasonsa. Babban yanki ana iya sake raba shi, wato ma'aikata a cikin ɓangare, hukuma a cikin ma'aikata. Shi ya sa ya fi zanen da'ira ɗaukar abubuwa masu yawa, ita da yanka shida ko bakwai kan cunkushe ta.

A ɗauki kasafin Tarayyar Najeriya na 2025, naira tiriliyan 54.99, a zana shi a murabba'i mai santimita 20 kowane gefe. Manyan ayyuka, kusan tiriliyan 24, za su ci fiye da kashi biyu cikin biyar na filin. Biyan bashi, tiriliyan 14.3, zai samu akwati mai kimanin santimita 10 kowane gefe, rubu'in hoton da ɗan ɗoriya. Kallo ɗaya ya isa mai karatu ya ga cewa a kowace naira huɗu, ɗaya ta masu bin bashi ce. A nan zanen ba shi da na biyu.

Matsala na farawa ne idan aka gangaro ƙasa. Kafin a rubuta sunan hukuma yadda ido zai karanta, ana buƙatar wuri mai tsawon santimita 2 da faɗin rabin santimita. A wannan ma'auni, wurin nan daidai yake da naira biliyan 137 da 'yan kai. Duk hukumar da kasonta bai kai haka ba, akwatinta zai fito babu suna. Aikin naira biliyan ɗaya kuwa bai kai milimita ɗaya a kowane gefe ba, ƙwayar riɗi ma ta fi shi girma. Ginin azuzuwa na miliyan 100 ɗigo ne kawai kamar na bakin allura, alhali irin waɗannan ƙananan ayyuka su mutumin karkara ke nema a kasafi.

Layin da ke raba akwatuna shi ma yana cin nasa rabo. Idan kaurinsa rubu'in milimita ne, akwati mai milimita ɗaya zai yi asarar kusan rabin filinsa, babban akwati kuwa ko a jikinsa. Sai ƙananan su ƙara ƙanƙancewa fiye da gaskiyarsu.

Akwai kuma rauni daga idon mutum kansa. Binciken William Cleveland da Robert McGill na 1984 ya nuna cewa mutane sun fi iya kwatanta tsawo da su kwatanta faɗin fili. Akwati dogo siriri da wani gajere mai faɗi na iya zama girma ɗaya, amma ido ya rantse ɗaya ya fi. Tsarin Shneiderman na farko yakan fitar da sirara kamar tsinke, har sai da masana uku a Eindhoven ta ƙasar Holan, Bruls da Huizing da van Wijk, suka fito da hanyar da ke sa akwatunan su kusanci murabba'i. Ta gyara siffa, amma tana sauya wa akwatuna mazauni idan alƙaluma suka canza, don haka kwatanta kasafin bana da na bara kan zama wahala.

Alamun cewa zane ya lalace a bayyane suke: akwatuna marasa suna sun fi masu suna yawa, kusurwa ɗaya ta koma kamar tsakin gero, kuma mai karatu ba zai iya cewa wanne ya fi tsakanin akwatuna biyu ba sai ya duba lamba.

Masu zane kan tsaya a mataki biyu, su tattara ƙananan cikin akwati guda mai suna "sauran", su rubuta adadinsu da jimlar kuɗinsu, sannan su ba su nasu zanen daban. A kwamfuta ana iya latsa akwati ya buɗe ya cika allo. A takarda babu wannan dama, sai dai a jera manyan ayyuka ashirin a zanen sanduna daga babba zuwa ƙarami, sauran kuma a saka su a jadawali da sunayensu da kuɗinsu.