Ƙwayar Gado Ɗaya, Furotin Biyu: Yadda Jiki Ke Tace Saƙonsa

A gaban wuyan ɗan Adam akwai wani ɗan ƙulli da likitoci ke kira tayirod, wanda kumburinsa ne muke ce wa maƙoƙo. Wasu tantanin halitta da ke cikinsa suna fitar da sinadarin kalsitonin, mai rage yawan kalsiyam a jini ta hanyar hana ƙashi zaizayewa. A jijiyoyin da ke kai saƙon zafi kuma akwai wani sinadarin mai suna CGRP, wanda ke buɗe hanyoyin jini, kuma yake da hannu dumu-dumu a ciwon kai na ɓari ɗaya. Aikinsu daban, mazauninsu daban. Amma a 1982 Susan Amara da Michael Rosenfeld da Ronald Evans da abokan aikinsu suka nuna cewa ƙwayar gado guda ce ke haifar da su duka biyun.

Ta yaya umarni ɗaya zai fitar da abu biyu?

Ƙwayar gado wani yanki ne na DNA da ke ɗauke da umarnin haɗa furotin. Tantani ba ya fitar da DNA ɗinsa waje; kwafe umarnin yake yi a wani zare mai suna RNA, sai zaren ya tafi inda ake haɗa furotin. An daɗe ana zaton umarnin a jere yake daga farko har ƙarshe. Sai a 1977 Richard Roberts da Phillip Sharp, kowa a ɗakin bincikensa, suka gano cewa a gutsuttsure yake. Wannan ya ba su kyautar Nobel a 1993. Gutsattsarin da ake riƙewa a saƙon ƙarshe su ne egzon, waɗanda ake yankewa a zubar kuma su ne intiron.

Wanda ya taɓa zama kusa da mai tace fim zai gane abin nan take. Hoton da aka ɗauko daga filin daga yana da tsawo, cike da wuraren da ba za a nuna ba. Mai tacewa yana yanke su, ya haɗa fitowa ta ɗaya da ta biyu da ta uku. Idan ya ga dama, daga hoton nan guda zai iya fitar da fim biyu masu ƙarshe daban, ba tare da ya sauya jerin fitowar ba. A cikin tantani, mai tacewar wata babbar na'ura ce ta furotin da ƙananan RNA guda biyar, ana kiranta sifilaisosom. Tana gane intiron ne ta alamominsa, domin kusan kowannensu da haruffan GU yake farawa, ya ƙare da AG. Sai ta lanƙwasa shi kamar zarge, ta yanke, ta ɗinke egzon biyun da ke gefensa.

Ƙwayar gadon kalsitonin, wadda ake rubutawa CALCA, egzon shida gare ta. A tayirod, na'urar tana haɗa na 1 da na 2 da na 3 da na 4, saƙon ya tsaya nan. Egzon na 4 shi ke ɗauke da umarnin kalsitonin, don haka bayan an datse furotin ɗin da ya fito, abin da ke saura shi ne kalsitonin mai amino asid 32. A jijiya kuwa, na'urar tana haɗa na 1 zuwa na 3, ta tsallake na 4 kamar intiron ne, ta ɗora na 5 da na 6. Abin da ke fitowa shi ne CGRP mai amino asid 37. Irin waɗannan furotin 'yan gida ɗaya su ake kira aisofom.

Abin lura a nan shi ne DNA ɗin da ke wuya da wanda ke jijiya iri ɗaya ne sak. Bambancin yana ga wasu furotin masu sa ido da ke manne wa zaren RNA. Wasu suna zama kusa da egzon su jawo na'urar gare shi, wasu su rufe alamarsa har na'urar ta wuce ba ta gan shi ba. Kowane irin tantani yana da nasa haɗin na waɗannan masu sa ido, shi ya sa kowanne ke karanta umarnin yadda ya dace da aikinsa.

Wannan ba wani abin al'ajabi ba ne da ya keɓanta da ƙwaya ɗaya. Ƙwayoyin gadon ɗan Adam masu haɗa furotin kusan 20,000 ne kacal, kuma binciken da aka wallafa a 2008 ya nuna fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu egzon da yawa ana tace su ta hanya fiye da ɗaya. Gwarzon fagen shi ne ɗan ƙudan nan da ke bin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace: ƙwayarsa mai suna Dscam tana da wuraren zaɓi huɗu, masu zaɓi 12 da 48 da 33 da 2, waɗanda idan aka ninka su za su ba da 38,016. Sai dai ya kamata a yi hattara da irin wannan lissafi. Ganin saƙon RNA ba ya nufin an haɗa furotin mai aiki da shi. Da yawa daga cikin saƙonnin kuskure ne da tantani ke rusawa, kuma ƙwayoyi masu yawa aisofom ɗaya ne ke rinjaye a cikinsu.

Inda abin ya fi taɓa zuciya shi ne inda tacewar ta karkace. Akwai cutar gado da ake kira SMA, wadda jijiyoyin laka masu motsa tsoka ke mutuwa a cikinta. A nau'inta mafi tsanani, jariri yakan zama laƙwas, ba ya iya riƙe wuya ko zama, numfashi ma ya gagare shi. Sanadin shi ne ya gaji lalatacciyar ƙwayar SMN1 daga uwa da uba. Amma yana da wata ƙwayar kusan irinta, SMN2, wadda da za ta iya maye gurbi. Abin da ya hana ta harafi ɗaya ne a egzon na 7, inda C ya koma T. Harafin bai sauya amino asid ko ɗaya ba. Abin da ya yi shi ne dusashe egzon ɗin a idon na'urar, har takan tsallake shi kusan sau tara cikin goma, furotin ya fito guntu ya lalace da wuri.

A ɗakin gwaji ana iya ganin tsallaken da ido. Ana ciro RNA daga tantani, a mayar da shi DNA, a ninka yankin da ya kewaye egzon na 7, sannan a tura shi cikin wani abu mai kama da daskararren koko da ƙarfin lantarki. Guntun zare ya fi dogo sauri. Saƙon da ya rasa egzon na 7 ya gaza cikakken da haruffa 54, don haka layuka biyu ke bayyana, kaurin kowanne yana nuna yawansa.

Wannan fahimta ce ta haifar da magani. Adrian Krainer da abokan aikinsa sun taimaka wajen samar da nusinasan, wani ɗan gajeren zare mai haruffa 18 da ke manne wa wani wuri a intiron na 7, daidai inda furotin masu rufewa ke zama. Da sun rasa mazauni, sai na'urar ta ga egzon na 7 ta saka shi, SMN2 ta ƙara fitar da cikakken furotin. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi a Disamban 2016. Ba ya gyara DNA, don haka dole a riƙa maimaita shi: allura ce a ruwan laka, huɗu a farko, sannan ɗaya duk bayan wata huɗu, kuma tsadarsa ta fi ƙarfin yawancin iyalai. Jijiyar da ta riga ta mutu ba ta dawowa, shi ya sa jariran da aka fara yi wa kafin alamun cutar su bayyana suka fi amfana, har da yawansu suka zauna, suka yi tafiya da ƙafafunsu.