Ya Fassara Maka Takardar Haya, Amma Ba Lauyanka Ba Ne

Takardar yarjejeniyar haya a Abuja takan kai shafi goma ko fiye, cike da Turancin lauyoyi mai kama da ƙullin igiya. Dillali na tsaye yana duba agogo, yana cewa wani ma na neman gidan. Abin da yawancin mutane ke yi shi ne su kira ɗan boko a cikin dangi su ce, "Duba mana, me suka ce a nan?"

A ɗauki misalin wata bazawara mai sayar da atamfa da ta kama gida mai ɗaki biyu a Kubwa, naira miliyan 1.2 a shekara, da naira dubu 100 kuɗin ajiya don ɓarna. Ɗan ƙanwarta, malamin makaranta, shi ya zauna zai karanta mata. Kafin ya buɗe shafin farko ya ce, "Inna, zan gaya miki abin da takardar ta ce ne kawai. Ni ba lauya ba ne, wannan ba shawarar shari'a ba ce." A nan ya yi daidai. Gargaɗin da aka ajiye sai ƙarshe, bayan mutum ya riga ya ɗauki biro, ba shi da amfani.

Yawancin shafukan ba su ba shi wuya ba. Gyaran rufi da bango na mai gida ne, famfo da ƙwan fitila nata. Ba za ta saka wani ɗan haya a ƙarƙashinta ba, ba kuma za ta mai da falo shago ba sai da izini a rubuce. Kuɗin ajiya za a mayar mata in ta bar gidan lafiya, sai dai takardar ba ta faɗi cikin kwana nawa ba. Ya gaya mata hakan ƙarara, bai cike gurbin da hasashe ba, domin shirun takarda ma labari ne.

Inda aka yi tuntuɓe shi ne wani ɗan sakin layi da ya ce hayar ta ƙayyadadden lokaci ce, shekara ɗaya cak, daga 1 ga Maris zuwa ƙarshen Fabrairu. Nan take Inna ta ce ai kowa ya san sai an ba mutum notis na wata shida kafin a tashe shi.

Maganarta tana da tushe. Dokar ƙwato gidajen haya da ke aiki a Abuja ta tanadi notis na rabin shekara ga ɗan hayar shekara-shekara, wata ɗaya ga mai biya wata-wata. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ma haka ta ce, kodayake ba ta shafi Ikoyi, Apapa, Victoria Island da Ikeja GRA ba. Amma waɗannan wa'adai suna aiki ne idan yarjejeniya ta yi shiru. In an rubuta wata ɗaya kuma ɗan haya ya sa hannu, wata ɗayan ne. Hayar ƙayyadadden lokaci kuwa da kanta take ƙarewa ranar da wa'adi ya cika, abin da ya rage wa mai gida shi ne takardar kwana bakwai ta sanar da niyyar zuwa kotu. Ko a hakan ba shi da ikon cire ƙofa ko watsar da kaya waje, sai da umarnin alƙali.

To, shin Inna za ta samu wata shidan? Malamin ya ƙi amsawa, kuma ba rowar ilimi ya yi ba. Amsar ta rataya ne a kan jihar da gidan yake, da sauran sharuɗɗan takardar, da ko mai gida zai karɓi kuɗin wata shekara bayan wa'adi ya cika, abin da kan iya sauya matsayin hayar. Auna waɗannan aikin lauya ne, wanda in ya yi sakaci akwai kwamitin ladabtarwa da za a kai shi. Ɗan ƙanwa in ya yi kuskure, sai dai a ce Allah ya kiyaye gaba.

Ana gane mai bayanin da ya ƙetare iyaka daga kalamansa. "Takardar ta ce" fassara ce. "Sa hannu kawai, ba abin da zai faru" ko "wannan sharaɗin ba zai tsaya a kotu ba" kuwa hukunci ne.

Abin da malamin ya yi shi ne ya rubuta mata tambayoyi biyu da lambar shafinsu: wa'adin notis, da ranar mayar da kuɗin ajiya. Wanda ba shi da kuɗin lauya yana iya tuntuɓar Hukumar Tallafin Shari'a ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976. A kai takardar kafin a sa hannu, tare da rasit na duk abin da aka riga aka biya.