Takardar Janareta: Layi Ɗaya, Aiki Ɗaya

Wata takardar ƙaramin janareta ta dunƙule tayar da shi cikin sakin layi guda: “A ja igiya bayan an buɗe fetur an rufe cok, amma a fara duba baƙin mai.” Mai karatu cikin duhu zai ja igiyar tukuna, domin ita ya fara gani.

Gyaran shi ne ka ƙirga aikatau. Huɗu ne a nan, don haka matakai huɗu, a jere yadda hannu zai yi su: 1, duba baƙin mai, 2, buɗe fetur, 3, rufe cok, 4, ja igiya.

Kalmomin “bayan” da “amma” su ne ke nuna inda tsari ya juye. Duk matakin da ka ga “sannan” a cikinsa, raba shi biyu.