Kashin Jini a 'Yan Tsaki da 'Ya'yan Awaki: Daga Shimfiɗa Cutar Ke Tasowa

Da zarar damina ta kankama, daga Yuli zuwa Satumba, masu kiwon kaji kan fara zarya a shagunan maganin dabbobi da koke iri ɗaya: 'yan tsakin da suka kai sati uku ko huɗu lafiya lau sun takure a lungu, gashi ya tashi, fukafukai sun zube, kuma ga jini a kashinsu. A gidajen da ake kiwon awaki kuwa, 'ya'yan da aka yaye ne ke zawo suna ramewa. Likitocin dabbobi na kiran wannan cuta koksidiyosis, masu kiwo kuma suna ce mata kashin jini.

Wata ƙwaya ce mai suna Aimeriya ke kawo ta, wadda ido ba ya gani. Tana shiga bangon hanji ta hayayyafa, ta farfasa shi, sannan ƙwayayenta su fito cikin kashi. Ta kaji dabam, ta awaki dabam, don haka kaza ba ta shafa wa akuya. Abin lura shi ne, ƙwan da ya fito cikin sabon kashi bai isa ya kama kowa ba tukuna. Sai ya sami laima da ɗumi da iska na kwana ɗaya zuwa biyu kafin ya nuna. Idan ƙasa a bushe take, da yawa sun mutu ke nan. Idan a jiƙe take, ɗan tsako ya tsattsage shi, cikin mako guda shi ma ya fara zubar da dubbai.

Ƙwaya kaɗan ba ta kwantar da dabba, hasali ma da ita jiki ke koyon kare kansa. Yawanta ne ke kisa. Shi ya sa aikin mai kiwo shi ne rage yawan da ƙananan ke haɗiya, domin share ta gaba ɗaya daga ɗaki ba mai yiwuwa ba ne. Yawancin magungunan feshi da ake tsabtace ɗakin kaji da su ba sa fasa ɓawon ƙwan, kuma yana iya yin watanni a ƙasa mai danshi. Bushewa da zafin rana da tafasasshen ruwa su ne ke gamawa da shi.

A ɗakin kaji, shimfiɗa ce filin dagar. Ana zuba ɓuntun shinkafa ko dusar katako busasshiya mai kaurin santimita 5 zuwa 10, wato kamar faɗin yatsu huɗu ko ya ɗan fi. Gwajinta ba ya buƙatar na'ura. Mai kiwo ya damƙi cikin hannu ya matse, sannan ya buɗe. Idan ta ɗan haɗe kuma ta warwatse, lafiya. Idan ta dunƙule kamar curin fura, ta jiƙe, sai a canza. Wurin da ya kamata a fara dubawa shi ne ƙarƙashin mazubin ruwa, domin nan ne ruwa ke ɗiga, nan kuma 'yan tsaki ke taruwa. A kwashe jiƙaƙƙen wurin a kai shi nesa, a zuba sabuwa, a riƙa motsa sauran da manjagara. Mazubin ruwa da na abinci a ɗaga su daidai tsayin gadon bayan kaza, a riƙa ƙara ɗagawa yayin da suke girma, don kada su yi kashi a ciki. Ledar da ake rufe tagogi da ita saboda sanyi kuma a buɗe ta da rana. Ɗakin da warinsa ke sa ido hawaye ba ya samun iska.

Ɗauki misalin mai kajin nama 200 'yan sati huɗu a watan Agusta. Da safe ya tarar uku sun mutu, wasu kuma na gyangyaɗi. Likita ya buɗe gawa ɗaya, ya ga 'yan jakunkuna biyun nan da ke kusa da ƙarshen hanji sun kumbura, cike da daskararren jini. Wannan alama ce mai ƙarfi. Dubawar na da amfani, domin cutar gumboro ma a wannan shekarun take kamawa, sai dai zawonta fari ne, kuma maganin kashin jini ba ya taɓa ta.

Maganin da aka fi samu shi ne amfuroliyam. Garin da ƙarfinsa kashi 20 cikin 100 ne, ana sa giram 1.2 a kowace lita idan cutar ta yi tsanani, na tsawon kwana biyar. Kaji 200 masu wannan girma kan sha wajen lita 40 a yini, ke nan giram 48 kullum, giram 240 a kwana biyar. Wanda ya sayi leda ɗaya mai giram 100 zai ga ta ƙare a kwana na uku, daidai lokacin da jinin ya ɗauke, sai ya ɗauka an warke. Bayan mako guda cutar ta dawo. Dole kowace kaza ta sha, a haɗa sabo kullum, kuma kada a ajiye wani ruwan dabam. Kada kuma a haɗa shi da bitamin mai B1, domin maganin yana aiki ne ta hana ƙwayar samun wannan bitamin. A bari sai an gama. Akwai kuma toltarazuril mai ƙarfin kashi 2.5, mililita ɗaya a lita, kwana biyu, amma ba a ba kajin da ake cin ƙwansu. Ƙarfin magani ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka a karanta takardar jikinsa, har da kwanakin da za a jira kafin yanka.

Ranar da aka fara magani, ranar ce ta kwashe jiƙaƙƙiyar shimfiɗa. In ba haka ba, kajin na shan magani suna kuma tsattsagar sabuwar cuta.

A wajen awaki, uwa ce ke ɗauke da ƙwayar ba tare da ta nuna komai ba, ta zubar a turke, ɗanta ya tsotsa daga nonon da ya taɓa ƙasa ko ya lasa daga komi. An fi ganin cutar daga wata ɗaya zuwa wata biyar, musamman bayan yaye. Sau da yawa babu jini: zawo ne mai duhu da ke ɓata wutsiya, gashi ya yi cirko-cirko, ciki ya yi tulu, girma ya tsaya. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗura masa maganin tsutsar ciki. Albendazol da ibamektin ba sa taɓa wannan ƙwaya. Likitoci kan ba da toltarazuril mai ƙarfin kashi 5 sau ɗaya ta baki, mililita 0.4 ga kowane kilo, wato mililita 2 ga ɗan akuya mai kilo 5, ko kuma maganin salfa na 'yan kwanaki. Amfuroliyam ma na aiki, amma idan ya yi yawa ko ya daɗe yakan taɓa ƙwaƙwalwa, a ga ɗan akuya na tangaɗi yana kallon sama. Mai zawo yana buƙatar ruwan gishiri da sukari a kai a kai. Idan kuma zawon ya zo da majina da gyambon baki, har manya na kwantawa, wata annoba ce dabam, a kira likita nan take.

Turke kuwa a share shi kullum, kafin ƙwan ya cika kwanakin nunarsa. A cike kwarin da fitsari ke kwantawa, a ɗora komi a kan bulo, a rataye harawa maimakon zubewa a ƙasa, a kuma ware ƙanana daga manya. Ɗan akuyan da ya sha wuyar cutar yakan tsumbure ko bayan ya warke, saboda hanjinsa ya riga ya lalace. Don haka duk mai shirin zuba 'yan tsaki ko yaye 'ya'yan awaki a wannan damina, ya tanadi busasshiyar shimfiɗa ta canji a wurin da ruwa ba ya taɓawa, ya gyara rufin da ke yoyo, sannan ya nemi likitan dabbobi tun ranar da ya ga zawon farko.