Wasiƙar Imel ta Kantin Littattafai: Sababbin Kaya da Lissafin Rangwame

Wasiƙar sanarwa ta imel saƙo ne da kantin littattafai ke tura wa abokan cinikinsa lokaci-lokaci, galibi sau ɗaya a wata ko duk sa'ad da sababbin kaya suka iso. Abu biyu take ɗauke da su: labarin littattafan da suka shigo, da rangwamen da aka ware wa waɗanda suka saba saye a kantin.

Ɓangaren sababbin kaya ba ya son yawa. Kantin da ya sauke kwali goma ba zai jera duk abin da ke ciki ba, sai ya zaɓi littattafai biyar ko shida, kowanne da sunan marubuci, hoton bango, farashi da jimla biyu kan abin da ya ƙunsa. Idan littafin makaranta ne, a faɗi ko bugu na nawa ne, a kuma sa lambar ISBN, wadda tun shekarar 2007 take da alƙaluma 13, don kada uba ya saya wa ɗansa tsohon bugu. Tsawaitawa ma tana da illa ta zahiri, domin Gmail yakan datse saƙon da ya haura kilobait 102, ya ɓoye ƙarshensa. Shi ya sa ake sa maganar rangwame a sama.

Rangwamen shi ne wurin da ake yawan tafka asara, saboda daga ribar mai kanti yake fita, ba daga aljihun kamfanin da ya buga littafin ba. A ɗauki misalin littafin da farashinsa naira 5,000 ne, wanda mai kanti ya saro da ragin kashi 35 cikin ɗari. Ya biya 3,250 ke nan, ribarsa 1,750 a kan kowane kwafi, tun kafin a cire kuɗin mota, haya da albashin yaron kanti. Idan wasiƙar ta yi alkawarin rangwamen kashi 10 cikin ɗari, mai saye zai biya 4,500, riba ta koma 1,250. A idon mai saye ragin kaɗan ne, amma ya cinye fiye da rubu'in ribar. Mai kantin da ya saba sayar da kwafi 10 sai ya sayar da 14 kafin ya maido da naira 17,500 ɗin da yake samu a da. In kuwa aka kai rangwamen kashi 20, riba ta zama 750, sai an sayar da kwafi 24.

Matsalar ta fi tsanani ga kwastomomi na kullum, tunda da yawansu za su sayi littafin ko ba a rage musu ko kwabo ba. Saboda haka rangwame mai ma'ana yakan zo da sharaɗi: ranar da zai ƙare, mafi ƙarancin kuɗin da za a kashe, ko ragi a kan littafi na biyu kawai. Akan kuma sa wata kalmar shaida a wasiƙar, wadda mai saye zai ambata wajen biya. Da ita ake gane cinikin da wasiƙar ta jawo. Ƙidayar waɗanda suka buɗe saƙo ba abin dogaro ba ce, musamman tun 2021 da manhajar imel ta Apple ta fara loda hotunan saƙo da kanta, har ya zama kamar an buɗe alhali ba a karanta ba.

A wasu ƙasashe ma doka ce ke yanke iyakar ragin. A Faransa, dokar da aka fi sani da sunan ministan al'adu Jack Lang, ta shekarar 1981, ta ba kamfanin buga littafi ikon sa farashi, ta kuma hana kanti rage wa mai saye fiye da kashi 5 cikin ɗari a kan sabon littafi. Manufarta ita ce kada manyan kantuna su karya farashi su kashe ƙanana. Birtaniya ta daɗe da irin wannan yarjejeniya tun 1900, amma ta rushe a shekarun 1990.

Saura batun izini. Ana tura wasiƙar ne ga wanda ya ba da adireshinsa da yardarsa, kuma a ƙarshen kowane saƙo a bar masa hanyar cewa a daina turo masa. A Nijeriya dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba mutum haƙƙin ƙin a yi amfani da bayanansa wajen talla. Kuskuren da ƙananan kantuna suka fi yi shi ne zuba adireshin mutum ɗari a gurbin `To` ko `Cc`, inda kowa zai ga na kowa. Gurbin `Bcc` ne ke ɓoye su. Idan kuma masu karɓa suka yawaita danna `Report spam`, saƙonnin kantin na gaba za su riƙa faɗawa akwatin tarkace, har a wajen waɗanda ke son karanta su.