Ɗora Tambari a Hoton Kofi Kafin a Kai Wurin Bugu

Kafin mai shagon ɗinki ya biya kuɗin buga tambarinsa a kan kofuna ko riguna, yakan so ya ga yadda abin zai fito. Shi ya sa masu zanen kwamfuta ke haɗa masa hoton gwaji: a samo hoton kofi fari fes, a ɗora tambarin a jikinsa kamar an riga an buga.

Aikin yakan lalace tun daga turo tambarin. In aka aiko shi a matsayin hoto ta WhatsApp, manhajar tana matse shi, gefunan haruffa su dusashe. Gara a turo shi ta Document, kuma ya zama PNG marar bango, in ba haka ba wani farin akwati zai biyo shi har ƙirjin riga.

Manhajoji masu ƙirƙirarriyar basira sun kawo gajeriyar hanya. A Photoshop, mai zane yana zagaye wurin da yake so a jikin kofin, ya buɗe Generative Fill, ya ba shi tambarin a matsayin Reference Image. Sai dai manhajar ba manna tambarin take yi ba, kallonsa take yi ta zana mai kama da shi. Haske da inuwa kan fito da kyau, amma rubutu yana shan wuya. Tambarin da ke ɗauke da kalmar "ɗinki" na iya dawowa "dinki", lanƙwasar harafin ta ɓace, ko koren ya sauya. Ana gano haka ne in an zuƙo hoton, an jera shi da na asali, an bi harafi bayan harafi.

Saboda haka ƙwararru kan bar wa manhajar aikin samar da kofin da teburin da yake kai, su ɗora ainihin tambarin da hannu. Photopea, wadda ake buɗewa kyauta a intanet, ta isa wannan aiki. Ana lanƙwasa tambarin da Warp ya bi zagayen bakin kofin, a ɗan matse gefunansa biyu, domin jikin kofi yana juyawa baya ta nan. Sannan a zaɓi Multiply, inuwar kofin ta ratso ta cikin launin.

Multiply na farin kaya ne. A baƙar riga tambarin nutsewa yake yi, sai a koma Normal a ɗan rage Opacity. Jakar yadi kuwa tana da tattara, wadda Displace ke sa rubutu ya bi.

Saura girma. Tambarin gefen ƙirji yakan kai faɗin santimita 8 zuwa 10, don haka a rubuta awon a ƙasan hoton. Mai bugu kuma a ba shi fayil ɗin tambarin na asali, domin hoton gwaji na gani ne kawai.